Yadda za ka tuna wa abokin zamanka kuɗin bil ɗin da bai biya ba, ba tare da rigima ba

Yanayi ɗaya zan ɗauka a nan don shi ya fi yawan faruwa. Kuna zaune gida ɗaya ku biyu ko ku uku, bil ɗin wuta da na intanet da sunanka suke zuwa, kai kake biya gaba ɗaya daga aljihunka sannan kowa ya turo maka kasonsa. Ɗaya yana turowa ba sai ka yi magana ba, ɗayan kuma wata biyu kenan shiru kake ji, kuna gaisawa da safe har da dariya amma kai abin yana cinka a rai, kuma kullum sai ka ce gobe zan yi masa magana. Da "kai" zan riƙa magana don sauƙi, amma ke ma da kike zaune da ƙawarki duk ɗaya ne.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, yawancin rigimar nan ba kuɗin ne ke kawo ta ba. Abu uku ne: an bari an daɗe ba a yi magana ba har rai ya ɓaci, an zo maganar ba da takamaiman lissafi ba, ko kuma an yi ta a gaban mutane. In ka toshe ukun nan, to mutum mai mutunci da wuya ya yi faɗa da kai a kan kuɗin da ya san ana binsa.

Mataki na farko: zauna ka yi lissafi kafin ka buɗe baki

Kar ka kuskura ka je wa mutum da "akwai fa kuɗina a wajenka" alhali kai ma ba ka san nawa ba ne daidai. Da ya ce nawa ne ka fara inda-inda, ko ka faɗi adadi ya kama ka da kuskure, shikenan magana ta tashi daga bashin da ake binsa ta koma kan ko kai mai gaskiya ne, kuma daga nan ba ta dawowa.

Ka nemo bil ɗin kowane wata da risit ɗin biya ko alat ɗin banki, ka rubuta wata-wata. Bari mu yi misali, lambobin na misali ne kawai, ka ɗora su a kan ko wane irin kuɗi kuke kashewa. Ku uku ne, kun yi da juna za a raba daidai. Watan farko wuta 900, intanet 300, jimla 1200, kason kowa 400. Wata na biyu wuta 1050, intanet 300, jimla 1350, kason kowa 450. Kenan kana binsa 850.

Amma kar ka tsaya nan, sai ka juya ka tambayi kanka, shi fa, akwai abin da ya kashe wa gidan? Nan ne mutane da yawa suke yin sake. A ce a tsakanin nan shi ya cika gas na 240, kuma wata rana ya miƙa maka 200 a hannu kuna tsaye bakin ƙofa har ka kusa mantawa. To 200 ɗin nan a cire ta gaba ɗaya, saura 650. Gas ɗin kuma a kula, ba 240 za ka cire ba. Gas na ku uku ne, kason kowa 80, shi nasa 80 ɗin dama a kansa yake, na ukunku shi zai ba shi nasa 80, kai 80 kawai yake binka. Kenan 650 a cire 80, saura 570. Wannan ita ce lambar da za ka je da ita. Na tsaya a kan gas ɗin ne saboda kusan kullum a nan ake samun saɓani, shi a ransa ya kashe 240 don haka yana ganin a cire 240, ba wai ha'inci yake nufi ba, haka lissafin yake zuwa wa mutum in bai zauna ya rarraba ba. In kai ka riga shi kawo maganar gas ɗin da 200 ɗin, tun kafin ya tuna maka, ka gama rabin aikin, don ya ga ba cutarsa ka zo yi ba.

Sai abu ɗaya da za ka duba kafin ka wuce: shin ya ma san adadin? Ka koma cikin hirarku ta waya ka gani, ka taɓa tura masa bil ɗin da kasonsa a rubuce, ko dai kawai ka ce "bil ya zo fa" kana wucewa? In ba ka taɓa faɗa masa lamba da rana ba, to gaskiya bai makara ba tukuna, ba a dai sanar da shi ba ne, kuma saƙonka na farko sanarwa ce, ba tuni ba. Muryar biyun ba ɗaya ba ce.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Mafi kyau a yi tuni da wuri, kwana biyu ko uku bayan ranar da kuka sa ta wuce. A lokacin abin ƙarami ne, kai ba ka hasala ba, shi ma ba abin kunya ba ne ya ce au wallahi na manta. In ya kai wata biyu kamar misalinmu, kuɗin ya yi nauyi, kunya ta shiga, kuma mai jin kunya kare kansa yake fara yi. Amma ko an makara ɗin, yau ta fi mako mai zuwa.

In ka san lokacin da kuɗi ke shigo masa, albashi ne ko wani abu, ka yi maganar kwana biyu kafin ranar ko a ranar. Bayan sati biyu da albashi an riga an rarraba kuɗin, ko yana so ba shi da shi. Kar ka tare shi yana shigowa daga aiki a gajiye, ko yana sauri zai fita, ko yana da baƙi. Kar kuma ka yi a daidai lokacin da ka ga ya shigo da sabon takalmi ko sabuwar waya, na san nan ne jini yake tafasa, amma duk abin da ka faɗa a wannan minti da zafi zai fito, kuma ba ka san ko kyauta aka ba shi ba.

Sannan ku biyu kawai. Ba a guruf ɗin gida ba, ba a gaban na ukunku ba, ba a gaban abokansa ba. Guruf wajen tura bil ne ga kowa a lokaci ɗaya, wannan ba laifi. Amma ka rubuta a guruf "har yanzu akwai wanda bai biya ba" alhali ku uku ne kuma kowa ya san wa ake nufi, wannan habaici ne, kuma ya fi kiran suna ciwo. Haka ɗora magana a sitatus, ko manna takarda a jikin firij. Mutum zai iya biyanka bayan ka yi masa haka, amma zaman ya lalace.

Mataki na uku: tuni na farko, a rubuce kuma gajere

Ni a ganina na farko ya fi kyau ta saƙon waya, ko da ɗakinku yana kallon juna. Dalili, saƙo yana ba shi damar ya karanta shi kaɗai, ya duba akawun ɗinsa, ya haɗiye kunyarsa ba kana tsaye a kansa ba, sannan lambobin suna nan a rubuce ba a ce "ai ce min ka yi kaza" ba. A rubuce fa, ba saƙon murya ba, don ba mai son ya sake sauraron minti uku yana neman lamba a ciki.

Abu huɗu kawai saƙon yake buƙata: wane bil ne, nawa ne, ina za a tura, yaushe. Ga yadda zai iya zama:

"Salam ɗan'uwa, ya aiki? Na zauna na haɗa lissafin wuta da intanet na wata biyun nan. Kasonka 400 da 450, 850 kenan. Na cire 200 da ka ba ni a hannu da 80 na kasona na gas ɗin da ka cika, saura 570. Ga hoton bil ɗin da risit. Don Allah ka turo min zuwa ranar Juma'a a akawun ɗin da ka saba. In ka ga wani wuri da lissafin bai yi daidai ba ka faɗa min mu gyara."

In ya girme ka sai ka sa yaya ko malam kamar yadda ka saba kiransa, ka ɗan ƙara gaisuwar, amma lambar da ranar kar su ɓace a cikin ladabi. Kuma kar ka canza yadda kake kiransa don za ka yi maganar kuɗi, wanda kullum kake ce wa "mutumina" yau ka rubuta masa cikakken sunansa, tun bai karanta ba ya san faɗa ne.

Ka lura da abin da babu a saƙon. Babu "kamar yadda na sha faɗa maka". Babu "kullum kai ne", babu "ni ba bankinka ba ne". Babu maganar kwanukan da yake bari a wajen wanki ko hayaniyar da yake yi da dare, ko da gaskiya ne, wannan wata rana daban, in ka haɗa su zai zaɓi wadda ya fi iya musantawa ya tsaya a kai, kuɗin ya bi ruwa. Haka kuma babu ban-haƙuri mai yawa. Mutane masu kawaici suna da wannan matsalar, su rubuta "yi haƙuri fa na dame ka, ba wai ina matsa maka ba ne, duk sanda ka samu ba komai". To ka ce ba komai, ka ce duk sanda ya samu, shi kuma ya ɗauke ka a kan maganarka, bayan wata ɗaya ka zo kana fushi da shi a kan izinin da kai ka ba shi da bakinka. In da komai, kar ka ce ba komai. Kuma kar ka yi ta cikin wasa, irin "attajiri ya dai, an manta da talakawa ne", zai yi dariya ya mayar maka da wasa, an tashi ba lamba ba rana.

Jimlar ƙarshen nan ta "in ka ga inda bai yi daidai ba" tana da aiki sosai. Tana buɗe masa ƙofar ya yi magana ba tare da ya zama mai gardama ba, kuma in bai ce komai a kan lissafin ba sannan ya ce "toh zan turo", ya amince da adadin kenan a rubuce.

Da ka tura sai ka saki. Kar ka bi shi da alamar tambaya bayan awa ɗaya don ka ga ya karanta. Ku haɗu a falo ku gaisa yadda kuka saba, kar ka ɗaure fuska, kar kuma ka ce "ka ga saƙona?" a daren. Ka ba shi har ranar da ka sa.

Mataki na huɗu: Juma'a ta wuce, shiru

Washegari ko bayan kwana ɗaya sai ka ɗan taɓa shi, layi ɗaya, a ƙarƙashin saƙon farko don lambobin su kasance a gabansa: "Ɗan'uwa ban ga alat ba tukuna, ko ka tura bai shigo ba?" Tambaya ce ta gaske, tiransifa tana maƙalewa, mutum yana iya turawa tsohon akawun. Kuma tana ba shi hanyar fita da mutuncinsa.

In wannan ma ya wuce ba amsa, ko aka ce "anjima" anjima ba ta zo ba, to ka daina tura saƙo. Saƙo na uku da na huɗu ba sa ƙara komai sai dai su koya masa yadda zai riƙa share ka. Yanzu lokacin baki da baki ne. Ka ce masa "in ka samu minti biyar yau da dare ina son mu yi magana a kan bil ɗin nan", ka faɗi a kan mene ne, kar ka ce "akwai maganar da za mu yi" kawai ka bar shi yana saƙe-saƙe duk yini.

In kun zauna, ka fara da abin da ya faru da kuma yadda ya shafe ka, ba da halinsa ba. Misali: "Ka ga bil ɗin nan da sunana yake, ni nake fitar da kuɗin gaba ɗaya, yanzu 570 ɗina ke waje kuma wani bil ɗin yana hanya, ba zan iya ɗaukar uku a jere ba. Ya ake ciki ta wajenka?" Sai ka yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, za ka ji kamar ka cike shi da "amma fa ba komai", daure kar ka cike. Bar shi ya yi magana, don daga amsarsa za ka gane wane irin yanayi kake ciki, kuma kowanne da maganinsa.

In mantuwa ce ko sakaci, za ka ga ya ce au, ya ɗauko waya. Sai ka ce "tura yanzu kawai mu huta da shi", ba laifi ba ne ka faɗi haka, irin wannan mutumin in ya tashi daga wajen zai sake mantawa.

In babu ce, yawanci za ka ga alamun tun kafin ya faɗa, yana kauce maka a gida, yana shigowa a makare, yana amsa saƙo da gajerun kalmomi. Wannan kunya ce ba raini ba, kuma bashi hanji ne yana cikin kowa, don haka kar ka sa shi ya yi maka dogon bayanin halin da yake ciki kamar mai neman taimako. Ka tambaye shi abu biyu: nawa za ka iya yanzu, sauran kuma yaushe? Bar shi shi ya faɗi ranar, mutum ya fi riƙe ranar da ya sa da bakinsa. In ya ce "ƙarshen wata" ka ce wace rana, 28 ko 30? A ce kun tsaya a kan 300 ranar 28, sai 270 ranar 12 ga wata mai zuwa. Ka karɓi ko kaɗan ne a ranar in akwai, biyan farko yana karya nauyin abin.

Akwai tarko a nan da ya kamata ku warware kafin ku tashi: sabon bil zai zo a tsakiyar wannan biyan. Ku faɗa a fili cewa sabon daban, tsohon daban, sabon za a biya shi a kan lokaci, 570 kuma tana tafiya a kan tsarinta. In ba haka ba zai turo 300 ranar 28 yana ganin ya rage bashi, kai kuma ka biya masa sabon kaso na 400 da wani abu, a ƙarshe bashin ƙaruwa ya yi kuma kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. Bayan kun tashi ka tura masa saƙo gajere: "Kamar yadda muka yi, 300 ranar 28, 270 ranar 12, sabon bil daban. Na gode." Ba rashin yarda ba ne, bayan sati uku ku duka biyu za ku tuna maganar daban-daban.

Yanayi na uku shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa: bai biya ba ne saboda a ransa bai yarda da rabon ba, bai dai faɗa ba. Sai yanzu zai ce "ni fa rabin watan nan ba na gida, ya za a ce in biya wuta daidai da ku?" Kar ka ce masa "sai yanzu ka tuna?", ko da abin da ke bakinka kenan. Ka raba maganar gida biyu. Akwai kuɗin da ba ruwansa da ko kana gida ko ba ka nan, kamar intanet na wata-wata da haya, an biya ne don ya kasance akwai, wannan ba a rage wa wanda ya yi tafiya. Akwai kuma wanda yake bin yawan amfani, kamar wutar mita da ruwa da gas, a nan maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, duk da cewa firij bai daina aiki ba don ya yi tafiya.

In kuna son ku yi masa adalci a kan wutar wata na biyu, ga yadda ake yi. A ƙirga kwanakin da kowa ya yi a gida: kai 30, na ukunku 30, shi 15, jimla 75. A raba 1050 gida 75, kowane kwana ya kama 14. Shi 15 sau 14, 210 kenan maimakon 350, ku biyu kuma 420 kowa. Ya samu ragin 140, bashinsa ya dawo 430 daga 570. Amma ka lura, 140 ɗin nan ba ɓacewa ta yi ba, 70 ta hau kanka, 70 ta hau kan na ukunku wanda ya riga ya biya nasa ya manta. Don haka ba kai kaɗai za ka yanke ba, sai an tambaye shi, in ka yanke kai kaɗai to ka shirya ɗaukar 140 ɗin duka. Ra'ayina, ƙa'idar da ba a yi ta tun farko ba bai kamata ta koma baya ba, watan da ya wuce a biya yadda aka saba, sabuwar ƙa'ida ta fara daga wata mai zuwa, kuma a sa mata iyaka, misali sai tafiyar da ta kai sati biyu kuma an faɗa kafin a tafi, in ba haka ba za ku koma ƙirga wa juna kwanan waje. Amma in ragin ƙarami ne kuma shi zai sa a biya sauran yau, wallahi wani lokacin ka bari ya fi. Ko me kuka zaɓa, ɓangaren da ba gardama a kansa, wato 430, a biya shi yanzu, ba a riƙe duka saboda ana jayayya a kan 140.

In murya ta fara tashi, ko ya ce "yanzu a kan wannan ɗan kuɗin kake min haka", kar ka bi shi can. Kar ka ce in ɗan kuɗi ne ai sai ka biya, duk da ta dace da wurin. Ka ce "ba faɗa na zo yi ba, so nake mu sa rana kawai", in bai sauko ba ka ce mu bari zuwa gobe da yamma, ka tashi. Ka sa lokacin komawa kafin ka tashi, in ba haka ba maganar ta mutu kuma an ƙara gaba a kai.

Mataki na biyar: in ya saɓa ranar da shi ya sa

Sau ɗaya, ka tuna masa ka karɓi sabuwar rana. Sau biyu ba tare da ya zo da kansa ya yi bayani ba, to ba mantuwa ba ce kuma, kuma daɗin baki ba zai ƙara komai ba. Abin da za ka canza yanzu tsarin ne. Ka faɗa masa a natse, tun kafin bil na gaba ya zo, cewa daga yanzu ba za ka riƙa biya wa kowa ba, kowa ya turo kasonsa kwana uku kafin ranar biya sannan a biya. A nan ne ya halatta na ukunku ya shigo, zama na gida a kan tsari, ba taron dangi a kan mutum ɗaya ba, kuma ka sanar da shi kafin zaman cewa za ka kawo maganar.

Sai dai ka san iyakarka. Bil ɗin da ke da sunanka, kamfani kai ya sani, ba ruwansa da yadda kuka raba a cikin gida. In ka ƙi biya don ka hora shi, tarar makara da yankewa a kanka za su sauka, kai ma kuma a duhun za ka kwana. Don haka wanda ke da sunanka ka ci gaba da biya, ka nemi daidaito ta wani wajen: a mayar da ɗaya daga cikin bil ɗin, kamar intanet, ya koma sunansa shi ya riƙa biya ana cirewa daga abin da ake binsa. A misalinmu intanet 300 ne, in shi ya biya duka, kasonka 100 yake rage maka a wata, kaga tafiyar za ta yi nisa, sai dai in na ukunku ya yarda ya riƙa ba ka nasa 100 ɗin maimakon ya ba shi, sai ya zama 200 a wata, cikin wata uku an gama da 570.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka canza fasuwod ɗin intanet a ɓoye ya wayi gari ya ga ba ya shiga, ko ka ɗauke masa kaya ka riƙe, ko ka kulle masa ƙofa. Na farkon yana mayar da bashi ya zama gaba, na biyu da na uku kuma a wurare da yawa za su iya jefa ka cikin matsalar doka alhali kai ke bin haƙƙinka. In har za a cire shi daga intanet, a faɗa masa tun da wuri da rana, a matsayin wanda ba ya biya ba ya amfani, ba a matsayin ramuwa ba. In kuɗin ya yi yawa har kana tunanin kai maganar gaba, wajen wani da ku duka kuke ganin girmansa ko wajen hukuma, to saƙonnin nan da risit da inda ya rubuta "toh zan turo" su ne hujjarka, ka adana su kar ka goge hirar cikin fushi.

In ya biya

Ka amsa nan take, "ya shigo, na gode, saura 270" ko "ya shigo, mun rabu lafiya, ba saura". Kar ka ƙara da "da tun farko haka ka yi", kar kuma ka sake ɗaga maganar a wata rigima ta gaba. Sai ka yi amfani da wannan ɗan sararin da ake shiri ku gyara tsarin: rana ɗaya tsayayya a kowane wata wadda ta zo bayan kowa ya karɓi kuɗinsa, duk bil ɗin da ya zo a tura hotonsa a guruf a ranar tare da kason kowa a rubuce, wanda ya sayi abin gida shi ma ya tura risit a ranar, kuɗin hannu kuma duk wanda ya karɓa ya rubuta "na karɓi 200" a take. In bankinsa yana da tsarin tura kuɗi kai tsaye duk wata, ya saita na intanet tunda adadinsa ba ya canzawa, na wuta kuma da yake hawa da sauka ku tsayar da wani adadi da kowa zai riƙa turowa, a ce 330, duk bayan wata uku a zauna a duba bil ɗin gaske, wanda aka bi ya cika, in an samu rara a tura ta wata na gaba.